Ina kashi na bakwai?

Tun jiya ake turo min bidiyon ƙaninmu da yake kuka da kwamitin tashar talabijin da ya mayar masa da kundin shirinsa na fim mai dogon zango, ana cewa in ce wani abu. To zan ce, amma ba abin da kuke son ji ba ne. Kwamitin bai zalunce shi ba. Na ga kundin da ya kai musu, domin da hannunsa ya kawo min shi makonni biyu kafin ya miƙa, kuma abin da na gaya masa a ƙofar gidana bayan la'asar shi ne abin da suka gaya masa a ofis: ina kashi na bakwai?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaron yana da baiwa. Kashin gwajin da ya rubuta yana da kyau, hirar cikinsa kamar kana zaune a tsakar gidan. Kundin shafi 32 ne. Shafi 20 sun tafi a kan kashin farko. Takwas hotunan jarumai ne da ya ciro daga shafukansu, ba wanda ya yi magana da shi a cikinsu. Da na isa inda ya kamata in ga tsarin zangon gaba ɗaya, layi huɗu na tarar, na ƙarshensu yana cewa daga nan rikici zai ƙara tsananta, masu kallo za su ga abin mamaki. Na ɗago na dube shi na ce, “Wane abin mamakin?” Ya ce, “Yaya, ai idan aka fara za a gani.” Nan take na san ba za su karɓa ba.

Jama'a, abin da tasha take saye zango ne, kashin farko ɗanɗano ne kawai. Zangon da muka saba da shi kashi 13 ne, wato mako 13, wata uku cur na lokacin da tasha za ta keɓe ta kuma sayar wa masu talla. Idan kowane kashi minti 45 ne, ana maganar minti 585, kusan awa goma na labari. A lissafin da marubuta ke yi na shafi ɗaya minti ɗaya, rubutu ne da ya doshi shafi 600. Mutumin da zai sa hannu a fitar da kuɗin wannan yana so ya san abu ɗaya: mene ne a cikin labarin nan da zai ci gaba da haifar da rigima mako bayan mako, bayan zumuɗin farko ya wuce? Kowa yana iya kashi na ɗaya, domin mutuwa ce ko ɗaurin aure ko dawowar wanda ya ɓata. Kowa yana da hoton ƙarshe a kansa. Tsakiya ce take kashe fim mai dogon zango, kuma tsakiyar ita ce kashi na bakwai.

Bari in ɗauko misali daga aljihun teburina, labarin da ban kai ko'ina ba tukuna. Jigon a jimla biyu yake, kuma haka ya kamata ya zo a shafin farko na kundi. Wani dillalin hatsi a kasuwar Dawanau ya rasu, aka buɗe sitonsa aka tarar buhu 600 na masara da gero da manoma suka ba shi ajiya babu su. Uwargidansa tana cikin takaba, ba ta da halin zirga-zirga, kuma dole ta gano inda hatsin ya tafi kafin masu kaya su cinye gidan da 'ya'yanta ke ciki.

Ku duba abin da ke cikin jimlolin nan. Ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, saboda haka duk magada suna ɗaure da juna ko suna so ko ba sa so. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kusan kwana 130. Raba shi gida 13, kowane kashi ya ɗauki kwana goma, ka samu agogon da mai kallo zai riƙa ƙirgawa tare da kai. Bashin kuma na buhu ne ba na kuɗi ba. Mutumin ya rasu da kaka hatsi na araha, kuma a al'ada farashi yana hawa yayin da ake nisa da girbi, wato ko ba wanda ya motsa, bashin yana ƙaruwa da kansa. Sannan masu ajiyar suna da yawa: wannan makon tsoho ne da ya tara buhu goma don auren 'yarsa, mako mai zuwa babban ɗan kasuwa ne da ya zo da lauya. Wannan shi ne injin labari. Idan mai tantancewa ya karanta, shi da kansa zai fara hango kashi na biyar da na tara kafin ka faɗa masa, kuma a lokacin ne yake gyara zama.

Shafin taurarin labari ma aikinsa ke nan. Ƙaninmu ya rubuta cewa jarumarsa kyakkyawa ce, mai haƙuri, mai addini. To me za ta yi ranar Laraba? Rabin shafi ya ishi kowane mutum, amma ya faɗi abin da yake so, abin da ya tare masa hanya, abin da yake ɓoyewa, da inda zai tsaya a kashi na 13. Uwargidan nan tana so ta wanke sunan mijinta. Ba ta iya fita, sai dai ta aiki babban ɗanta kasuwa, shi ne idonta, shi ne ƙafarta. Shi kuma shi ne ya sayar da hatsin a ɓoye lokacin da uban ke kwance a asibiti, ya zuba kuɗin a wata harka da ta nutse. Amarya, wadda take takabarta a ɗakin da ke kallon na uwargida, ita ke riƙe da littafin da marigayi yake rubuta ajiya, ta kuma ƙi fito da shi don tana tsoron a fitar da ita hannu rabbana. Ga kashi na bakwai nan: amarya ta shiga ɗakin uwargida da daddare ta ajiye mata littafin a kan darduma, uwargida ta buɗe ta ga rubutun hannun ɗanta a shafukan ƙarshe. Daga daren nan labarin ya juya. Kashi shida ta yi tana neman ɓarawo, sauran shidan za ta yi su tana ɓoye shi, tana kallon tsohon nan mai buhu goma yana zuwa zaure yana komawa. A kashi na 13, ranar da ta fita takaba, ta je gaban shugabannin kasuwa ta faɗi gaskiya da bakinta, aka sa gidan a kasuwa.

Na faɗa muku ƙarshen, kuma haka ake faɗa wa kwamiti. Mai kallo ake ɓoye wa ƙarshe. Wanda zai biya kuɗi ana buɗe masa komai, kowane kashi sakin layi ɗaya: da me ya buɗe, me ya canza, a kan wace tambaya ya rufe. Idan ka rubuta sakin layi na shida da na takwas ka ga za a iya musanya su ba abin da ya lalace, to labarinka a tsaye yake, kuma gara ka gano haka a ɗakinka da biro da a gano maka a lokeshan ana biyan kuɗin janareta.

Na ga masu cewa idan ka rubuta komai za a sace maka. Wanda ya zauna a shago a titin gidan Zoo ya ba da labarinsa da baki ga mutum biyar shi ne ya fi sauƙin yi wa sata, domin dokar haƙƙin mallaka ba ta kare tunanin da ke yawo a iska, abin da aka rubuta aka ajiye take karewa. Rubuta, sa kwanan wata, ka yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa idan kana da hali, sannan ka miƙa. Wasu kuma sun ce ai a YouTube mako-mako ake rubutawa ana bin ra'ayin masu kallo. To ku ci gaba da kuɗinku. Mun sha ganin inda hakan ke kaiwa: jaruma ta yi aure a zahiri a tsakiyar zango, sai a cikin labarin a tura ta ƙasar waje karatu ba dalili, ko a kawo aljani a kashi na tara saboda labari ya ƙare tun a na biyar. Masu cewa sanayya ce kuwa, ban ce babu sanayya a harkar nan ba, na sha ɗacinta. Amma wannan karon ko ɗan mai tashar ne ya kai kundin nan, tambayar da za a yi masa ke nan.

Har kuɗin aiki a tsarin zangon yake. Idan furodusa ya san cewa labarin uwargida a wurare huɗu yake gudana, tsakar gida, zaure, sito da ofishin kasuwa, zai ɗauki duk fitowar zaure ta duka kashi 13 ɗin a jere cikin 'yan kwanaki, ya sallami masu gidan. Wanda bai san kashi na bakwai ba, sau 13 zai koma ya roƙi gidan nan.

Shafin yanayin shiri shi ma mutane suna cika shi da kalmomi irin su mai taɓa zuciya, mai ilimantarwa. Faɗi abin da za a gani a ji. A nawa na rubuta cewa babu waƙa da rawa, kyamara ba ta fita gidan tare da uwargida har sai kashi na ƙarshe, abin da ya faru a kasuwa ta idon ɗanta muke ganinsa, dariyar shirin kuma daga bakin 'yan dako take fitowa. Na kuma rubuta abin da ba za a nuna ba, domin tasha tana tunanin hukumar tace fina-finai ta Kano tun kafin a kunna kyamara, kuma tana so ta ga kai ma ka yi tunaninta.

Ƙanina, idan kana karantawa, wallahi don ina ganin abin da ke hannunka nake wannan faɗan. Cire bidiyon nan. Ɗauki kati 13, ka rubuta jimla ɗaya a kan kowanne, ka shimfiɗa su a tabarma. Duk katin da ya gagare ka, nan ciwon yake. Ka zo ranar Asabar mu zauna a kansu.

Kuma don Allah marubuta ku riƙa zuwa inda labarinku yake. Kwana uku na yi ina zama a Dawanau wajen wani dattijo mai awo kafin in rubuta layi ɗaya. Shi ya nuna min yadda ake soka buhu da ƙarfe a zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu a duba ko ƙwari sun shiga, ya kuma ce in lura da yadda ake tsara buhuna a sito, domin wanda ya san aikin yana iya gina bango a gaba ya bar rami a baya, mai kaya ya leƙo ya ga sito cike ya tafi da kwanciyar hankali. Da zan tafi ya auna min tiya ɗaya ta gero ya ce a yi wa yara kunu, ya ƙi karɓar ko sisi.