Ku ƙirga mol kafin ku nemi pH

'Yan'uwana 'yan ajin ƙarshe na lise a Garwa da Marwa, ina jan kunnenku kan tambayar ruwan tampon, wato gaurayen asid mai rauni da baz ɗinsa. Da an ce an zuba sud, sai ku kama debe mol/L daga mol/L. Ku daina. Adadin mol ne ke cin juna a kwalba, kuma da an ƙara ruwa lissafin mol/L ya riga ya canja.

Ga ruwa mililita 500, a ciki akwai mol 0,060 na CH3COOH da mol 0,040 na CH3COO⁻, pKa kuwa 4,76.

pH = 4,76 + log(0,040/0,060) = 4,58

Ban raba da lita ba, don su biyun kwalba ɗaya suke, yawan ruwan sama ya soke na ƙasa.

Yanzu a zuba mililita 20 na NaOH mai 1,0 mol/L. Mai gaggawa zai ce asid 0,12 mol/L ne, ya cire 1,0, ya sami lamba ƙasa da sifili, ya zauna yana cizon biro. Kai ninka tukuna: 1,0 × 0,020 ya ba da mol 0,020 na OH⁻. Kowane OH⁻ zai ƙwace H⁺ ɗaya daga asid, har OH⁻ ɗin ya ƙare. Asid ya koma 0,040, asetat ya hau 0,060. Nan ake yawan faɗuwa: a rage asid, a manta abin da ya bar shi asetat ya zama. Duba jimilla, 0,100 ce kafin zubawa, dole ta kasance 0,100 bayanta.

pH = 4,76 + log(0,060/0,040) = 4,94

Ruwan ya zama mililita 520, amma wannan bai shiga lissafin ba. Tashin 0,36 ne kawai, alhali da a ruwa zalla aka zuba sud ɗin nan, da pH ya kai wajen 12,6. In amsarka ta sauka bayan ka ƙara baz, ka kifa rabon ne.

Sai dai kada son dabarar ya rufe muku ido. Asid ɗin 0,060 ne kaɗai, shi ne iyakar abin da zai iya shanyewa. A ce mililita 70 aka zuba: asid ya ƙare ƙarƙaf, OH⁻ mol 0,010 ya yi saura, tampon ya mutu, pKa ba ta da sauran aiki. A nan lita ta dawo: 0,010/0,570 = 0,0175 mol/L, pOH 1,76, pH 12,24 a digiri 25. Shi ya sa kafin ka taɓa log a kalkuleta, ka ajiye mol na OH⁻ kusa da mol na asid, ka ga wanne ya fi yawa.