Gishiri ne ke shiga albasa ya sa ta laushi?

"Malam, ba gishirin ne ke shiga albasa ya narkar da ita ba?" in ji wata ɗalibata a nan Kano.

A'a, 'yata, ruwa ne ke fita. A osmosis ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta, daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa.

Yanka albasa ki barbaɗa mata gishiri. Waje ya fi ciki gishiri, wato haifatonik, sai ruwan cikin ƙwayoyin ya fito, su saki, ki ga ruwa kwance a faranti. Ki tsoma latas ɗin da ya yi yaushi a kasuwar 'Yankaba cikin ruwan famfo, wanda gishirinsa bai kai na ciki ba, wato haifotonik. Ruwa zai shiga, ganyen ya miƙe, amma ƙwayoyin ba za su fashe ba, domin suna da bango mai tauri.

Jar ƙwayar jini kuwa ba ta da wannan bango. A tsurar ruwa kumbura take yi har ta fashe, a ruwan gishiri mai yawa ta yamutse. Wannan nake so ki riƙe sosai: shi ya sa ruwan gishirin da aka saba ƙara wa majinyaci yake da kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da na jini, wato aisotonik. Ruwa na shiga yana fita daidai wa daida, ƙwayar tana nan yadda take.