Ka samu aiki, sai ka kashe mana waya?

Ƙannena samari da 'yan mata, abin da ya faru a makarantarmu cikin makonnin nan ne ya hana ni yin shiru. Ina cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata na wata makarantar kuɗi a wajen Tarauni. Malamin lissafinmu na manyan ajujuwa ya bar aiki ana saura makonni a koma zangon karatu, muka sa sanarwa, takardu suka zo sama da arba'in. Muka zauna ranar Asabar guda muka tace, muka kira mutum biyar ganawa. Wani yaro da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba ya burge mu ƙwarai. Ya tsaya gaban allo ya koyar na minti ashirin, har shugaban makaranta yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya rusuna ya ce: "Ranka ya daɗe, ko gobe aka ce in zo, zan zo."

Ranar Talata muka kira shi mu shaida masa shi muka zaɓa. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Laraba haka. Muka tura saƙo, ya nuna an karanta, babu amsa. Alhamis waya a kashe. Har muka shiga damuwa, shugaba yana cewa Allah Ya sa lafiya, kada dai hatsari ne. Kwana tara muna riƙe masa gurbi. A rana ta goma wata malama ta nuna mini hotonsa a WhatsApp, sanye da katin shaidar wani kamfani a Sharaɗa, ya rubuta Alhamdulillah a ƙasa. Ya samu lokacin ɗaukar hoto da ɗora shi duniya ta gani, bai samu minti biyar na rubuta mana layi huɗu ba.

Wallahi ban ji haushin samun aikinsa ba. Allah Ya sanya albarka, Ya ƙara buɗi. Kowa na neman inda ya fi masa, kuma a halin da ake ciki na tsadar rayuwa babu mai hankalin da zai zargi matashi don ya kai takardunsa wuri biyar a lokaci guda. Shirun nan ne ya ƙona mini rai. Ana cewa shiru ma magana ce, to wannan shirun maganar da ya faɗa mana ita ce ba mu kai a yi mana sallama ba.

Ku ji abin da shirun ya jawo. Wadda ta zo ta biyu a ganawar wata baiwar Allah ce daga Kurna, mai 'ya'ya biyu, kuma aikinmu take so tsakani da Allah. Ta kira sau biyu tana tambaya, muna ce mata ta ƙara haƙuri. Da muka neme ta a rana ta goma, ta riga ta karɓi wani aikin a wata makaranta mai nisa da gidanta, albashin ma bai kai namu ba, kuma ta ce ta riga ta yi musu alkawari, ba za ta saɓa ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Yaranmu 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar fita suka yi mako biyu malamin kimiyya na ɗan riƙe musu lissafi a tsakanin darussansa. Duk wannan saboda mutum ɗaya ya ji nauyin cewa ya fasa.

Na san abin da ke hana ku. Wani kunya ce, yana ganin kamar cin fuska ne ka ce wa babba ba ka son aikinsa. Wani kuwa wayo ne, yana so ya bar ƙofar a buɗe ko da sabon wurin bai yi daɗi ba ya dawo da labarin an sace masa waya. Na farkon ina tausaya masa, amma ya sani wannan ba kunyar da aka koya mana ba ce. Kunyar gaske ita ce ka ji nauyin barin dattijo yana ta buga maka waya kana kallon sunansa. Na biyun kuwa ya yaudari kansa, domin ƙofar da yake zaton ya bari a buɗe shi da kansa ya rufe ta. Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 34, a cika alkawari, domin alkawari abin tambaya ne. "Ko gobe aka ce in zo, zan zo" alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. In ba za ka iya ɗauka ba, ka sauke shi a gaban mai shi.

Sauke shi kuwa ba wani aiki ba ne, amma akwai lokacinsa. Kada ka janye takardarka don wani ya ce maka a waya "an ɗauke ka", ko don kawunka ya ce ya yi magana da manaja. Mun ga waɗanda suka yi sakin reshe kama ganye, suka rasa duka biyun. Ka jira takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka a rubuce, da sunan muƙamin, da albashin, da ranar farawa, ka karanta, ka sa hannu. Daga nan kada ka bari rana ta biyu ta faɗi ba ka sanar da sauran wuraren ba, musamman inda aka riga aka gana da kai. Ka aika wa mutumin da ya kira ka ganawa, ta hanyar da kuka saba magana. In ta imel ne, ka amsa a kan saƙon nan nasu na gayyata, don kada wasiƙarka ta ɓace cikin tarin saƙonni. In da hannu ka kai takardunka, ka kai wannan ma da hannu. In sun riga sun ce kai suka zaɓa, ka fara kira da bakinka, sannan rubutu ya biyo baya, domin rubutun ne za a sa a fayil, shi ne zai ba kwamiti hujjar kiran na biyu.

Ga abin da nake nufi, kuma da shi yaron nan ya turo mana da babu wannan dogon surutu nawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne wane, wanda kuka gana da shi ranar Asabar 6 ga wata a kan gurbin malamin lissafi. Na rubuto ne in sanar da ku na janye takardata ta neman wannan aiki, saboda na karɓi wani aikin a wani wuri. Na gode da lokacin da kuka ba ni da karramawar da kuka yi mini. Ina yi wa makaranta fatan samun wanda ya dace. Na gode."

Sai suna da lambar waya a ƙasa. In wurin da Turanci suke aiki, ka rubuta da Turanci, ginin ɗaya ne. Ku lura an ambaci muƙamin da ranar ganawa, domin mai karantawa yana iya kasancewa da gurabe uku a gabansa, bai haddace kowa ba. Ku lura kuma kalmar "na janye" ta fito fili. Wasu sai su rubuto "akwai ɗan abin da ya taso, zan neme ku", su bar mutane a rataye, ba a san an fasa ba ko ana tafe. Irin wannan bai fi shirun da komai ba.

Abin da ba ya cikin wasiƙar ma da gangan aka bar shi. Ba dole ka faɗi sunan inda ka koma ba, kuma kada ka faɗi nawa za su biya ka. Kada ka mai da ita wurin huce haushi, wai an shanya ku a rana awa biyu ko albashin ya yi kaɗan. Kada kuma ka rubuta ta don jan ciniki, kana jiran a ce dawo mu ƙara maka. In ciniki kake so, ka yi shi a fili kafin ka sa hannu a wancan wurin. Uwa uba, kada ka yi ƙarya. Na taɓa ganin wanda ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya zai koma ƙauye, bayan wata ɗaya aka gan shi a kantar wani banki a Murtala Muhammad Way. Haba! Ka sa wa uwarka ciwo don gudun faɗin gaskiyar da babu laifi a cikinta?

Akwai kuma mutumin da kuke mantawa, wanda ya tsaya maka. Yaron namu wani tsohon malaminsa ne ya kawo shi, ya ce ya yarda da tarbiyyarsa. Bawan Allah nan sai da ya hau babur ya zo har ofis yana ba mu haƙuri, kansa a ƙasa, a kan laifin da ba nasa ba, domin shi ma a wajenmu ya ji labari. Gobe in wani ɗalibinsa na kirki ya zo neman ya sa masa baki, da wace fuska zai sake zuwa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Alhamdulillah ɗin da ka rubuta a ƙarƙashin hoto, ina rabon wanda ya kai ka ƙofar a cikinta?

Ba zan rufe ido a kan namu laifin ba. Ma'aikatu da yawa a garin nan suna tara matasa, su sa su kashe kuɗin mota da na kwafin takardu, a gana da su, daga nan ko saƙon "ba a dace ba" ba za su samu ba. Wannan ma rashin mutunci ne, kuma na sha faɗa a kwamitinmu. Amma rashin kirkin wani ba ya zama hujjarka, balle ga waɗanda suka karɓe ka da fara'a.

Kuna ganin Kano tumbin giwa ce, za ku ɓace a cikinta. A sana'a ɗaya ba ta da wannan girman. Masu makarantu sun san juna, manajojin Bompai da Sharaɗa da Challawa suna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, kuma ana tambaya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ka ƙi ɗaga wa waya yau shi za ka tarar a kujerar tsakiya bayan shekara uku.

Mu da muka taso, yaron shago a Kantin Kwari in zai bar maigidansa, ba sulalewa yake yi ba. Zai sa babba ya raka shi, a zauna, ya yi godiya, ya nemi gafara, maigida ya sa masa albarka, wani lokaci har da ɗan jari. Wanda ya yi boko kuwa zai sayi takarda da ambulan da kan sarki, ya taka har gidan waya don kawai ya ce ya gode amma ba zai samu zuwa ba. Yanzu wasiƙar ba ta cin ko naira hamsin ta data, tana isa kafin ka ajiye wayar, amma ita ce ta gagara. Za a kwana ana musu a kan ƙwallon Turai, a rubuta shafi guda na zagin wanda ba a taɓa gani ba, layi huɗu na sallama kuwa sun yi nauyi. Ban san a ina muka yar da wannan tarbiyya ba, kuma abin yana ci mini rai.

Takardun yaron nan, har da hotunansa biyu da kwafin shaidar bautar ƙasarsa, suna nan cikin durowata. Shugaba ya ce in ajiye ko zai zo ya karɓa. Yau kwana ashirin da uku, bai zo ba, bai kira ba.