Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya, Ya Ku Masu Sikila

Ƙannena da ke fama da sikila, da ku nake. Jiya da daddare a Ƙofar Ƙaura aka ɗauko wani saurayi ranga-ranga, yana riƙe da cinya yana salati. Mahaifiyarsa ta miƙo mini kwalin haidiroksiyuriya, maganin da ake sha kullum don rage tashin ciwon sikila, har yanzu cike yake da kafso. Wai ya sha sati uku bai ga canji ba ya ajiye, yau da ƙashi ya motsa ya haɗiye huɗu a tashi ɗaya. Haba!

Wannan ba maganin kashe zafi ba ne. Ku tambayi iyayenku, wa ya taɓa kwanciya da ciwon nan ranar suna? Yawanci sai wajen wata shida hannu da ƙafa ke fara kumbura. Dalili kuwa, jariri na zuwa duniya da himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, irin na cikin ciki, wanda takardar gwaji ke rubuta HbF. Shi ba shi da sashen da ya lalace a jinin mai sikila. Idan iskar oksijin ta ragu, himogulobin na sikila yakan manne wa juna, ya yi dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe jijiya. HbF ba ya shiga wannan mannewa, ratsawa yake tsakani ya hana su haɗuwa. To aikin haidiroksiyuriya shi ne sa ɓargo ya koma ƙera shi.

Ɓargo kuwa ba ya gaggawa. Sai tsofaffin ƙwayoyi sun mutu sababbi sun maye gurbinsu, shi ya sa ake jiran wata 3 zuwa 6, ana sha kullum ba fashi. Babba akan fara masa da miligiram 15 a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 65 ke nan kafso biyu na 500. Likita ke ƙarawa ko ragewa bayan gwajin jini, domin maganin na rage fararen ƙwayoyi. In lambar MCV, wato girman jajayen ƙwayoyin jini a takardar gwaji, ta hau, alamar kana sha ce. In ba ta motsa ba, kada ka rantse wa likita cewa kana sha. Binciken da aka fitar a Amurka a 1995 ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi. Amma ga wanda ya sha, ba wanda ya ajiye kan sif ba.

Wata ta daina don farcenta ya yi duhu, wani don an ce masa maganin ciwon daji ne. Amma allurar fenta mai kashe zafi, wannan ba ku manta lokacinta! Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ku sati uku ya gagare ku. Mai shirin ɗaukar ciki kam ta fara ganin likita, wannan daban ne.

A da uwa ke tsayawa kan yaro har ya haɗiye, ta ce buɗe baki in gani. Yanzu kowa ya girma, waya a hannu, mai tallan jiƙe-jiƙe ya fi likita daraja a gida.