Yadda gurus ɗaya ya ɓace a cikin katan a rufe

A ƙaramar makaranta, duk wanda yake da babur shi ne jami'in sayayya. Haka Hajiya mai makarantarmu ta kira ni ana saura mako a dawo daga hutu, ta ce: "Malam, yara 120 ne, kowa littafin rubutu shida mai falle 60. Ka shiga Sabon Gari ka saro, amma ka ji tsoron Allah da kuɗin iyaye."

Lissafin bai da wuya. Littafi 720 ke nan, dozin 60, ko kuma gurus biyar a bakin 'yan sari, tunda gurus ɗaya dozin 12 ne, wato 144.

Ban gama kafe babur ba wani saurayi ya tarbe ni, biro a maƙale a kunne. "Ranka ya daɗe, Shugaban Makaranta! Sisti lif ko?" Ni da ko mataimakin shugaba ban taɓa riƙewa ba, sai na ji kaina ya kumbura. Ya zaunar da ni a bencin wani shago, ya sa aka kawo min ruwan leda, ya miƙo samfur: takarda fara tas, mai kauri, layi a miƙe. Kuɗin da ya yanka ya yi ƙasa da na kowa a layin. Ya ce kayan suna sito, ya ɓace, ya dawo da ɗan dako da katan-katan an naɗe su da salatif kamar za su tsallaka teku. Rasit kuwa, a fallen littafi ya rubuta min.

Asiri ya tonu a aji uku. Malamar lissafi ta ce yara su ƙirga fallayen sabon littafinsu, don su koyi ƙidaya har 60. Na farko ya ce 48, ta ce ya zauna. Ta biyu ta ce 48, ta ce satar amsa ce. Da aji duka ya tsaya a kan 48, har da Ɗan'auta da bai taɓa cin lissafi ba, sai ta ƙirga da kanta, ta ɗauki littafin ta nufi ofis.

Hajiya ta ɗauko kalkuleta. Kowane littafi ya yi ƙwauron falle 12. Sau 720, falle 8,640 ke nan, daidai da cikakkun littattafai 144. Ta cire tabarau ta dube ni: "Malam, gurus biyar ka biya, huɗu ka kawo, kuma ba a taɓa salatif ba. Aljanu ne?"

Na koma shagon a fusace. Mai shagon ya ce shi ma bai san yaron ba, ɗan kamasho ne, inuwa yake zuwa sha, kuma ya ɗauka ni baƙonsa ne. Hasali ma shagon ambulan da fayil yake sayarwa. Shi ne ya tausaya, ya haɗa ni da wani dattijon dila da ke can ciki, wanda makarantu suka daɗe suna sari a wurinsa.

A nan na yi karatun da ba a yi min a kwaleji ba. Alhaji ya buɗe littafi a tsakiya, inda ƙarfen ɗinki yake, ya ce ba sai na ƙirga duka ba. Manyan takardu ake ninkewa biyu a ɗinke, don haka mai 60 dole a samu falle 30 daga tsakiya zuwa bango, mai 40 kuma 20. Namu 24 ne. Sannan ya danna biro ya ja layi, ya juya bayan fallen: in tawada ta leƙo, takardar shara-shara ce, yaro fuska ɗaya kawai zai mora. Samfurin kan kanta kuwa, ya ce ango ne, kullum a wanke yake. A sito ake zaɓar katan da hannun mai saye, a farke, a zaro dozin daga ƙasa. Ya bar ni na yi haka, ina tsugune ina lasar yatsa, yaransa suna ƙunshe dariya. Rasit ɗinsa bugagge ne, da lambar shago da ta waya, ya kuma rubuta yawan falle a jiki, da sharaɗin in an samu gibi a dawo da kaya. Ya fi ɗan kamasho tsada, ban ko nemi ragi ba.

Abin da na saro a ranar dozin goma ne na mai falle 80, don kowane yaro yana bin mu falle 72, Hajiya kuma ta ce ba za ta haɗu da iyaye a taron ƙarshen zango da bashi a wuya ba. Kuɗin, ta ce, a hankali za a riƙa cira daga albashin "Shugaban Makaranta".