Ƙara tazarar lokaci ba magani ba ne: ku sa wa aikin sabuntawa makulli

Duk wanda ke kula da saba a wani shago ko ofis a Gombe ko Bauchi zai so ya ji cewa `cron`, shirin da ke tayar da ayyuka bisa jadawali, yana da hankalin jira. Ba shi da shi. Idan ka rubuta masa `*/5 * * * *`, abin da ka ce masa shi ne ya tayar da aikin duk minti 5, kuma zai tayar, ko da wanda ya tayar ɗazu bai gama ba. Agogo kawai yake kallo. Ra'ayina shi ne duk aikin sabunta bayanai da aka ɗora a kan jadawali dole ne ya kasance da makulli tun ranar farko, kuma makullin ya zama irin wanda tsarin kwamfutar da kansa yake saki idan aikin ya mutu. Sauran dabarun da 'yan uwana masu wannan sana'a suka fi yi, jinkirta matsalar kawai suke yi.

A ce akwai dillalin taki da iri da ke da babban sito a cikin garin Gombe, da rassa a Kumo, Kaltungo, Bajoga da Dukku. Yana da ƙaramar saba a ofis, kuma duk minti 5 wani ɗan shiri mai suna `sabunta.sh` yana tashi ya janyo cinikin rassan, ya rage abin da aka sayar daga lissafin sito. A lokacin rani aikin minti 2 yake ɗauka, babu wanda ya taɓa tuna da shi. Sai damina ta faɗi, manoma suka cika rassa, netwok ya yi nauyi, aikin ya koma minti 7.

Abin da ke cin lokacin shi ne layin intanet guda ɗaya da ofishin yake da shi. A cikin awa ɗaya `cron` zai tayar da ayyuka 12, kowanne yana buƙatar minti 7 na layin, wato minti 84 ke nan a cikin awar da minti 60 kawai take da su. Kowace awa ana cin bashin minti 24. Ayyukan da suka haɗu suna raba layin a tsakaninsu, don haka kowanne ya ƙara jan ƙafa, wanda ya zo bayansu kuma ya tarar da cunkoson da ya fi na ɗazu. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma bashin ya kai minti 192, kwatankwacin ayyuka 27 da ba a yi ba. Ƙwaƙwalwar sabar ta cika, shafin da masu karɓar kuɗi ke dubawa ya daina buɗewa, kowa ya ce netwok ne.

Nauyin sabar ma da sauƙi, domin ana ganinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɓarnar da ba ta ƙara. Irin wannan shiri yakan ajiye lambar ciniki na ƙarshe da ya janyo, a ce 4000, kuma sai ya gama aiki yake matsar da ita gaba. Aikin ƙarfe 10:00 ya karanta 4000, ya fara janyo daga 4001. Ƙarfe 10:05 na biyu ya tashi, na farko bai gama ba, don haka shi ma 4000 ya gani, ya janyo cinikin nan dai. Buhu 20 na taki da aka sayar a Kumo an rage su sau biyu. Lissafi ya ce saura 60 alhali 80 ne a ƙasa. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin kowane aiki a karan kansa daidai ya yi. Ranar da aka zo ƙirga kaya, mai gadin sito ne zai sha tambaya a kan laifin da ba nasa ba, ko kuma a sallami manomi a ce kaya sun ƙare alhali suna nan.

Gane matsalar ba wuya. Lokacin da sabar ta yi nauyi ka buga wannan:

```
ps -eo pid,etime,cmd | grep sabunta
```

Idan ka ga shirin ya fito a layi da yawa, kuma lokutan da ke ginshiƙi na biyu, wato `etime`, suna da tazarar minti biyar-biyar a tsakaninsu, ka kama ɓarawon.

Abin da akasari ake yi a nan shi ne a mayar da jadawalin minti 15, a ce an gyara. Na fahimci dalilin, domin sauyin lamba ɗaya ne kuma nan take sabar ta samu sauƙi. Amma me ya tabbatar da minti 15 ɗin? Ranar da reshen Dukku ya yini babu netwok, sannan cinikin yini guda ya zubo lokaci ɗaya, aikin zai wuce minti 15 ɗin ma. Ga shi kuma a sauran ranakun shekara, da aikin ke gamawa cikin minti 2, an tilasta wa mutane kallon tsohon lissafi ba gaira ba dalili.

Dabara ta biyu ta fi kama da hankali. Shirin ya duba ko akwai fayil mai suna `aiki.lock`. Idan akwai ya fita, idan babu ya ƙirƙire shi, ya yi aikinsa, ya goge shi a ƙarshe. Tana da rauni biyu. Na farko, tsakanin dubawa da ƙirƙirawa akwai ɗan gibi da ayyuka biyu za su iya ganin babu fayil a tare. Na biyu shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. A ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu kafin a tayar da janareto, sabar ta mutu aikin yana tsakiya. Ba a kai ga layin gogewa ba, fayil ɗin yana nan a kan faifai. Da wuta ta dawo, duk aikin da ya tashi zai ga fayil ya koma, yau da gobe da jibi, shiru. An gudu ba a tsira ba. Wannan makullin kamar takardar "akwai mutum a ciki" ce da aka manna a ƙofa, ko mai ita ya fita ta taga tana nan. Abin da muke so shi ne ƙofar da mutum yake riƙe da hannunsa, da ya tafi ta saku.

Linux yana da irin wannan, kuma ba sai an sayi komai ba. Umarnin `flock` yana cikin kunshin `util-linux` da ke zuwa tare da Ubuntu da Debian. Yana buɗe fayil, ya roƙi tsarin ya kulle masa shi. Makullin yana cikin ƙwaƙwalwar tsarin, kasancewar fayil ɗin a kan faifai ba ta nufin komai. Da duk ayyukan da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe sun ƙare, ko lafiya ko da haɗari, makullin ya saku. Ga layin da zan sa wa wancan dillalin, duka a layi ɗaya na `crontab`:

```
*/5 * * * * flock -n -E 75 /run/lock/sabunta.lock timeout -k 30s 20m /opt/shago/sabunta.sh; [ $? -eq 75 ] && logger -t sabunta "an tsallake"
```

Alamar `-n` tana cewa idan an tarar da makulli a riƙe kada a jira, a fita. Aikin 10:00 ya gama 10:07, na 10:05 ya tsallake, na 10:10 ya samu ƙofa a buɗe. A ranar cunkoso ayyuka 6 ne za su gudana a awa, minti 42 na layi, babu bashi. Da netwok ya warware, jadawalin ya koma minti 5 da kansa.

Wani zai ce tsallakewa ai asarar aiki ce, me zai hana a bar su su jira layi? Idan ka cire `-n`, `flock` zai jira, kuma ka dawo da cunkoson ta wata ƙofa, domin masu jira za su yi ta taruwa muddin aikin ya fi tazarar tsawo. A aikin sabuntawa babu abin da aka rasa da tsallakewa, tunda na 10:10 zai janyo duk abin da na 10:05 zai janyo har da ƙari. Inda na yarda da mai wannan ƙorafi shi ne aikin da kowane zagayensa ke da nasa rabo, kamar rufe lissafin kowace awa. Irin wannan sai dai a gyara shi ya riƙa duba inda aka tsaya ya cike gibin, ko a ba shi jira mai iyaka da `-w`.

Makulli shi kaɗai yana da nasa haɗarin, shi ya sa layin ya yi tsawo. Idan aikin ya maƙale yana jiran reshen da ba zai amsa ba, bai mutu ba, don haka makullin yana hannunsa, kuma duk masu zuwa za su yi ta tsallakewa. `timeout` ne ke maganin wannan. Bayan minti 20 zai umarci aikin ya tsaya, idan ya ƙi, bayan daƙiƙa 30 ya kashe shi da ƙarfi. Sai dai fa duk aikin da za a iya yanke shi a tsakiya dole ya rage kaya ya kuma matsar da lambar ciniki a dunƙule guda, tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, ta yadda ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga. Ita kuma `-E 75` tana bambanta tsallakewa da faɗuwar aikin, domin in ba ita ba `flock` lamba 1 yake bayarwa, wadda shirinka ma zai iya bayarwa idan ya faɗi. `logger` ya rubuta kowace tsallakewa, ka riƙa dubawa da `journalctl -t sabunta`. Tsallakewa jefi-jefi a ranar kasuwa ba komai ba ce. Uku a jere kullum tana gaya maka aikin ya yi wa tazararsa girma, lokacin gyara shi kansa ya yi.

Kada ka sa shirin ya goge fayil ɗin makullin don tsafta. Idan aka goge shi wani yana riƙe, mai zuwa zai ƙirƙiri sabo da suna ɗaya ya kulle shi, su biyun su yi aiki tare. Haka kuma idan Alhaji ya kira ya ce a sabunta masa lissafi yanzu-yanzu, ka bi ta `flock` ɗin nan dai, domin makullin masu tambayarsa kawai yake tarewa.

Iyakar `flock` a kan faifan gida ita ce kwamfuta ɗaya. Ranar da dillalin ya buɗe ofis a Bauchi da saba ta biyu mai rubutu a rumbun bayanai guda, kowacce za ta kulle nata fayil ta ga hanya a buɗe. A nan makullin sai ya koma inda suka haɗu, wato cikin rumbun. A PostgreSQL aikin ya fara da `SELECT pg_try_advisory_lock(4217);`, idan amsar `false` ce ya fita. A MySQL kuma `SELECT GET_LOCK('sabunta', 0);`, amsar 0 tana nufin wani yana ciki. Dukansu suna sakuwa idan haɗin ya yanke, amma da sharaɗin aikin ya riƙe haɗin da ya karɓi makullin da shi har ya gama. Idan shirinka yana buɗe sabon haɗi a kowane umarni, makullin ya tafi tun kafin a janyo ciniki na farko.