Abu ɗaya da za a riƙa tuna shagonka da shi

Yawancin masu ƙananan shaguna, in ka tambaye su da me suka fi na kusa da su, amsar ɗaya ce: kaya masu inganci, farashi mai sauƙi, kyakkyawar mu'amala. Wannan amsa ba ta raba kowa da kowa, domin babu mai shagon da zai ce kayansa ba su da kyau. Ra'ayina shi ne, abin da za a san shago da shi ba a ɗaki ake zama a ƙirƙiro shi ba. Yana bakin kwastomomin da suke dawowa, aikin mai shago shi ne ya tono shi, sannan ya auna ko zai iya riƙe shi kullum.

Mu ɗauki misalin mai gyaran waya. Ya ware mako biyu, ya tambayi mutum 30 daga cikin waɗanda suka zo fiye da sau ɗaya: "In ɗan'uwanka ya ce wayarsa ta lalace, me za ka faɗa masa game da mu?" Kada ya tambaye su ko sun gamsu da aikinsa, don kunya za ta sa kowa ya ce e. Ya rubuta amsar da kalmominsu, ba nasa ba. A ce 13 sun ce "ba a kwana da wayarka a can", 7 sun ambaci sauƙin kuɗi, 6 sun ce yana da fara'a, 4 kuma kusa yake da su.

Kusanci ba nasa ba ne, ranar da wani ya buɗe shago a gefensa ya tafi. Fara'a abu ne mai kyau, amma ba don ita mutum yake tsallake shaguna uku ba. Sauƙin farashi kuwa shi ya fi jan hankali, shi ya fi haɗari. Babban kanti yana sarar kaya da yawa a farashin da ƙaramin shago ba zai samu ba, kuma wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi. Abin da ya rage shi ne saurin aiki, wanda kwastoma zai iya tabbatarwa da agogon hannunsa.

A nan ne ake yawan yin gaggawa, a ruga wajen mai rubuta allo. Kafin haka, ya buɗe littafin aikinsa ya duba gyara 100 na baya. A ce 72 daga ciki canjin sikirin ne, ko batir, ko bakin caji, kuma kusan duka sun fita a ranar. Sauran 28 matsalar injin waya ce ko shigar ruwa, masu cin kwana biyu zuwa biyar. In ya rubuta "kowane gyara a yau", zai saɓa alkawari ga fiye da mutum ɗaya cikin huɗu, kuma wanda aka saɓa wa ya fi wanda aka cika wa yawan ba da labari. Sai ya tsuke maganar: "Sikirin, batir da bakin caji: ka kawo yau, ka karɓa yau." Alkawarin ya ƙanƙance, amma ya zama gaskiya.

Zaɓin yana da kuɗinsa, kuma in bai ci maka komai ba, to ba ka zaɓi komai ba. Dole wannan mai gyara ya ajiye kayan wayoyi goma da aka fi kawowa, aƙalla biyu-biyu, ya sake saro su tun kafin na ƙarshe ya fita. Dole ya sa lokacin rufe karɓar aikin ranar, ya rubuta lokacin karɓa a kan rasit. Aikin inji kuma ya faɗa tun a kan kanta cewa ba ya cikin alkawarin. Wataƙila ya rage jarin da ya zuba a rigunan waya da abin sauraro don ya cika durowar sikirin. Haka manyan kamfanoni ma suka yi: kamfanin motoci na Volvo bai samu sunan tsaro da talla kaɗai ba, injiniyansa Nils Bohlin ne ya ƙera bel ɗin kujera mai maɗauri uku a 1959.

Akwai masu cewa abu ɗaya zai kori masu neman wani abu dabam. Ban yarda ba. Wanda ya zo canjin batir zai sayi caja in ya gan ta a rataye, ba a hana ka sayar da komai ba. Abin da aka hana shi ne cika allo da alkawura bakwai, har mai wucewa ya kasa riƙe ko ɗaya.

Bayan wata uku, a riƙa tambayar duk sabon kwastoma: "Wa ya turo ka, me ya ce maka?" In akasarinsu suka ce an faɗa musu a nan ba a kwana da waya, maganar ta kama. In har yanzu "wucewa nake na gani" ake ji, a koma kan rasit a ƙirga sau nawa aka wuce lokacin da aka rubuta, kafin a taɓa allon.